Babi na Bakwai: Farfaɗiyar da Aka Rubuta wa "Idiopathic"

Mutumin Batsari ko Safana da aka tura babban asibiti, a Katsina ko Kano, ba ya dawowa da hannu biyu. Yakan dawo da ledar magani da takarda a ninke cikin aljihu. Da ya iso gida sai a nemo mai boko, malamin firamare ko ma'aikacin ɗakin shan magani, a ce ya karanta wa mutane abin da likita ya gano. Idan ciwon farfaɗiya ne, sau da yawa akwai wata kalma da ke gaban sunan ciwon, idiopathic, kuma fassarar da mai karatun kan bayar ita ce: "Sun ce ba su san dalili ba." Daga nan magana ta ƙare a wajen iyali. Tun da masu farin kaya da na'urorinsu sun ce ba su sani ba, ai abin na iska ne ko na sammu. Sai a jefa takardar ƙasan akwati, maganin kuma a sha shi wata ɗaya a bari.

Fassarar ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai amfani. Kalmar ta fito ne daga harshen Girka, inda ɗaya ɓangarenta ke nufin "na kansa", ɗayan kuma "ciwo". Wato ciwo ne da ya tsaya da ƙafarsa, ba wani ciwon ne ya haifo shi ba. Likita yana rubuta ta ne bayan ya nemi sanannun abubuwan da ke jawo ciwon bai same su ba. Saboda haka nauyinta yana rataye da abu guda: yaya aka yi neman? A hannun likitan da ya zauna ya yi tambaya, ya yi awo, kalmar tana ɗauke da labari mai yawa, har da na irin maganin da ya dace. A hannun wanda ya duba mara lafiya minti uku a tsaye, ba ta ɗauke da komai.

Kafin a kai ga wannan kalma, sai an fara tabbatar da cewa farfaɗiya ce. Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da ya yi jijjiga saboda zafin zazzaɓi, ko mai ciki da hawan jini ya kayar, ko mai ciwon suga da sugansa ya yi ƙasa, ko matashin da ya afa turamol da yawa, duk waɗannan akwai abin da ya tunzura su a lokacin, kuma maganinsu shi ne kawar da abin. Likitoci na kiran ciwo farfaɗiya ne idan faɗuwar ta zo haka kawai, galibi sau biyu ko fiye, da tazarar da ta wuce awa 24 a tsakani. Bayan nan sai a shiga neman tabon da wani abu ya bari a ƙwaƙwalwa. A ƙasarmu jerin abubuwan ba ɓoyayye ba ne: doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya suma, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami yara masu sikila, da ƙari a ƙwaƙwalwa. Jihar Katsina tana cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa da bazara. Annobar 1996 ta kwantar da mutum sama da dubu ɗari a Nijeriya, ta 2017 kuma ta fi tsanani a Zamfara, Sakkwato da Katsina, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda suka tashi da kurumta ko farfaɗiya. Mai irin wannan tarihi, ciwonsa yana da uwa, bai kamata a rubuta masa idiopathic ba sai an yi dogon nazari.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce yarinya ce 'yar shekara 15 daga wani ƙauye a yankin Runka. Lafiyarta ƙalau tun haihuwa, ta yi tafiya da magana a kan lokaci, tana riƙe haddarta a Islamiyya. Wata safiya cikin azumi, bayan an tashi sahur an koma an sake tashi, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, jiki ya sandare, sannan ya kama karkarwa, ta ciji gefen harshenta, fitsari ya kufce mata. Cikin minti biyu abin ya lafa, ta yi barci mai nauyi, ta farka ba ta san abin da ya faru ba. Bayan wata biyu abin ya sake dawowa, washegarin daren da aka kwana ana hidimar biki. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, sannan wani ya kawo shawarar a sayo maganin farfaɗiya a kemis. Aka ba su kabamazafin, wanda ake rubutawa carbamazepine a jikin kwali. Maimakon sauƙi sai uwar ta ga 'yarta ta ƙara rikicewa da safe.

Da suka isa gaban likitan ƙwaƙwalwa, abin da ya fi cin lokaci ba na'ura ba ce, tambaya ce, kuma uwar aka fi yi wa, don mai farfaɗiya ba ya ganin faɗuwarsa.

"Mama, kafin ta fara faɗuwa, kin taɓa ganin hannunta yana fizga da safe?"

"Wallahi likita, ta fi shekara tana zubar mini da koko. Da ta ɗauki kofi sai ka ga kamar an zabure ta. Ni faɗa nake yi mata, na ɗauka rawar kai ce."

"Hannu ɗaya ne ko duka biyun? Tana cikin hankalinta lokacin?"

"Duka biyun, har kafaɗa. Tana sane, dariya ma take yi."

Wannan amsa ta zubar da koko ta fi kowane awo daraja. Fizgar kafaɗu da hannaye jim kaɗan bayan tashi daga barci, a matashi mai cikakken hankali, tare da babbar faɗuwa da ke bin rashin barci, alama ce ta wani nau'in farfaɗiya sananne da wasu likitocin Jamus biyu, Janz da Christian, suka bayyana a 1957. Likita zai ci gaba da tambayar haihuwarta, ko ta taɓa suma da zazzaɓi, ko ta taɓa faɗowa daga bisa, ko akwai mai irin ciwon a dangi. Zai gwada ƙarfin hannuwa da ƙafafu, ya leƙa cikin ido, ya sa a auna suga da gishirin jini. Idan duk waɗannan sun fito lafiya, sai ya tura ta awon wutar ƙwaƙwalwa, wanda ake rubutawa EEG.

Awon ba ya ciwo, ba a kuma saka wa mutum lantarki, sauraro kawai na'urar take yi. Ana manna ƙananan wayoyi kusan ashirin a fatar kai, shi ya sa ake cewa a tsefe kitso, a wanke kai, kada a shafa mai. Mutum zai kwanta kamar rabin awa. Za a ce ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na minti uku, a kuma haska masa fitila mai walƙiya, don waɗannan biyun suna fito da abin da ke ɓoye. A irin ciwon yarinyar nan, abin da ake gani shi ne tartsatsi da ke tashi a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa lokaci guda, sannan komai ya koma daidai. Idan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake rubutawa MRI, sai a same shi tsaf. Kamar gida ne da gininsa ke da kyau, ba tsaga ba yoyo, amma wayar wutarsa tana tartsatsi jefi-jefi: mai duba bango ba zai ga komai ba, sai mai auna wuta.

Abin da za a buga a takardarta shi ne Idiopathic generalized epilepsy, wataƙila a ƙara juvenile myoclonic epilepsy a ƙasa. A nan kalmar ba ta nufin likita ya ɗaga hannu. Ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya, a rabe-raben da ta fitar a 1989, ta ware kalmar ga farfaɗiyar da ake kyautata zaton daga halittar mutum take, wadda ke farawa a shekarun da aka sani, ba tare da tabo a ƙwaƙwalwa ba. Wadda ake zargin akwai tabo amma ba a gan shi ba, ita wani suna aka ba ta daban, cryptogenic. A 2017 ƙungiyar ta sake tsari, ta ce a riƙa faɗin asalin ciwon kai tsaye, idan kuma ba a sani ba a rubuta unknown. Amma ta bar kalmar idiopathic ga nau'i huɗu kacal, kuma na yarinyar nan yana ciki. Wani daga cikinsu shi ne na yara 'yan shekara huɗu zuwa goma da kan ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, sau da yawa a yini, har malami ya riƙa dukansu a kan rashin mai da hankali.

To me takardar ta gaya wa iyayen? Da farko ta gaya musu cewa ba ƙari ba ne, ba kuma ciwo ne mai cin ƙwaƙwalwa a hankali ba. Hankalin 'yarsu yana nan, za ta iya karatu, ta yi aure, ta haihu. Ta kuma gaya musu cewa wannan yana cikin nau'o'in da suka fi jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya idan an gane ciwon daidai an ba da maganin da ya dace.

Sannan ta warware abin da ya ɗaure wa uwar kai, wato me ya sa maganin kemis ya ƙara dagula lamarin. Kabamazafin magani ne mai kyau ga farfaɗiyar da ke tashi daga wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa, irin wadda tabon sanƙarau ko buguwar kai ke haifarwa. Amma a wannan nau'in yana iya ƙara fizgar safe da ɗaukewar wuta, haka ma fenitoyin. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin sayen maganin farfaɗiya ba tare da an tantance nau'inta ba ganganci ne, ko da mai kemis ɗin yana da kyakkyawar niyya. Maganin da ya fi tasiri a nan shi ne balfurowet, wanda ake rubutawa sodium valproate. Sai dai ga 'ya mace yana da sharaɗi mai nauyi: idan aka yi ciki ana shan sa, kusan jariri ɗaya cikin goma yana zuwa da nakasar halitta, uku zuwa huɗu cikin goma kuma suna samun jinkirin magana da fahimta. A ƙauyen da yarinya 'yar shekara 15 ke iya shiga ɗakin miji kafin shekara biyu, wannan ba maganar da za a ɗage ba ce. Shi ya sa likita zai fi karkata ga lebetirasetam, ko da ya fi tsada. Uban da ke shirin aurar da 'yarsa ya faɗa wa likita tun a zaman farko, kada kunya ta hana. Wadda kuma ta riga ta sami ciki tana kan magani, kada ta yanke shi da kanta, ta garzaya asibiti, don babbar faɗuwa ma haɗari ce gare ta da abin da ke cikinta.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji, kuma gara a faɗe shi. A wasu nau'o'in, idan mutum ya shekara biyu bai faɗi ba, likita kan fara rage magani a hankali. Yaran da ke ɗauke wuta da yawansu ciwon kan bar su idan sun girma. Amma nau'in fizgar safe yakan dawo ga mafi yawan waɗanda suka daina shan magani, don haka shan na shekaru ne masu yawa, wani har ƙarshen rayuwa. Abokan gabarsa biyu ne, rashin barci da tsallake magani. Lokacin azumi ana zama da likita a tsara shan tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma tabbatar an rama barci. Iyalin da ke nesa da gari, musamman a shekarun nan da matsalar tsaro a bakin dajin Rugu ta sa hanya kan rufe ba shiri, su riƙa ajiye na wata guda a gaba, don yanke magani farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa.

Da an ce ciwon daga halitta yake, sai hankalin mutane ya tafi ga gado, dangin miji su fara kallon dangin uwa. Abin bai kai haka sauƙi ba. Ba ƙwayar gado ɗaya ba ce kamar ta sikila da za a auna kafin aure a ce wane da wance ba su dace ba. Ƙananan abubuwa ne da yawa suke haɗuwa a mutum ɗaya, kuma mafi yawan 'ya'yan masu wannan ciwo ba sa yin sa. Ba a kuma ɗaukarsa ta yawu ko kumfar baki ko cin abinci a kwano ɗaya. Wannan camfi ya sa mutane kan ja da baya su bar mai faɗuwa a gefen murhu, kuma ƙunar wuta da faɗawa rijiya ko tafki suna cikin abubuwan da suka fi illata masu farfaɗiya. Abin yi shi ne a janye shi daga haɗari, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi kan gefensa, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa ruwa ko a turara masa hayaƙi. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, a nufi asibiti mafi kusa. Game da addu'a kuwa, babu likitan kirki da zai hana ta. A yi addu'a, a kuma sha magani, ba sa karo da juna.

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar kalmar, wadda ta fi damuna. Na'urar awon wutar ƙwaƙwalwa da ta hoto ba a kowane asibiti ake samunsu ba. Mutumin Safana yakan fara da Dutsin-Ma, na Batsari da babban asibitin garinsu, daga nan a tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wani lokaci har Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kuɗin mota, na kwana da na awo sukan fi ƙarfin manomi, sai a tsaya a rabin hanya. A irin wannan hali ana iya rubuta idiopathic alhali abin da ya faru shi ne ba a duba ba. "Ba a samu ba" da "ba a nema ba" maganganu ne biyu daban, amma a takarda suna iya sanya riga ɗaya.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da rashin dubawa ke jawowa. A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. An yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na sanƙarau, ba su tashi ba. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jininsu, aka ga dalma ce, daga dutsen zinariya da ake daka ana niƙa a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Ciwon yana da dalili tun ranar farko, awon da zai nuna shi ne ba a yi ba. Duk inda aka ga yara da yawa a gida ɗaya ko unguwa ɗaya suna jijjiga a lokaci guda, musamman inda ake haƙar ma'adinai, to a daina maganar ciwon da ya zo da kansa, a nemi abin da suke ci ko suke shaƙa.

Ko ga mutum ɗaya, akwai alamun da ke nuna kalmar ba ta zauna daidai ba. Nau'o'in nan huɗu ciwon ƙuruciya da samartaka ne, saboda haka magidanci ɗan shekara arba'in da ya fara faɗuwa yau yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, ba kalmar kwantar da hankali ba. Haka wanda jijjigarsa ke farawa daga hannu ɗaya ko gefen fuska ɗaya kafin ta game jiki, ko wanda kan ji wani wari ko wani abu na taso masa daga ciki kafin ya faɗi, ko wanda ɓarinsa ɗaya ke mutuwa na ɗan lokaci bayan ya farfaɗo. Duk waɗannan suna nuna wuri ɗaya ne a ƙwaƙwalwa ke tayar da abin. Ciwon kai mai ƙaruwa da amai da safe, ko yaron da karatunsa da maganarsa ke komawa baya, su ma dalili ne na komawa asibiti ko da takarda ta ce me. A ɗaya hannun kuma, awon wuta da ya fito lafiya bai wanke mutum ba, don kusan rabin masu farfaɗiya awonsu na farko ba ya nuna komai. Shi ya sa a wasu lokuta ake maimaita shi bayan an hana mutum barci. Hoton bidiyo da wani ya ɗauka da waya lokacin faɗuwar, daga farkonta, yakan taimaki likita fiye da dogon bayani.

Kalmar kuma ba hatimin dindindin ba ce. Gyambon ciki ya daɗe ana ɗora shi a kan damuwa da yaji, har likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Abin da ba a gano wa mutum ba bana, sabon awo ko sabuwar alama na iya bayyana shi baɗi. Don haka takardar nan ba ta ƙasan akwati ba ce, a adana ta tare da sakamakon kowane awo, a riƙa zuwa da ita.

Mai karatu, idan kai ne ake kawo wa takarda a ƙauyenku, kada ka tsaya a "ba su san dalili ba". Ka ce musu, idan har an yi awon, an duba ba a ga tabo ba, kuma ciwon yana da magani. Idan kuma kai ne a gaban likita, ka tambaye shi cikin ladabi: "Likita, waɗanne awo aka yi mata, wanne ya rage? Wane nau'i ne, kuma wannan maganin ya dace da shi? Me zan gani in dawo da ita kafin ranar da ka ba mu?" Ka roƙe shi ya rubuta amsar a bayan takardar, don ma'aikacin lafiyar da zai ci gaba da duba ta a Batsari ko Safana ya gani.